Minti Goma Kafin Shida

Da kamfaninmu ya tashi daga cikin gari ya koma sabon fili, mu ma'aikata ne na ƙarshen ji, kamar yadda aka saba. Shekara ashirin da biyu ina kan injin yanka kwali, amma sai a bakin mai gadi na ji labarin. Bayan mako biyu Oga ya tara mu a ɗakin cin abinci ya ce motar kamfani ba za ta riƙa bi ta unguwannin bakin ruwa ba, mu uku ne kacal a can, ba ta biyan man da take sha. Aiki ƙarfe bakwai. Watan farko na gwaji ne, wanda ya makara sau uku ya nemi wani wurin.

Sauran biyun suna da babur. Ni keke ne da ni, tsohon baƙin keke mai giya ɗaya da akwatin katako ɗaure a kariya, wanda shekara huɗu ban hau shi ba sai zuwa kasuwa. Motar haya ta farko da ke bi ta sabon filin sai bakwai da kwata take tashi.

Oga ya dube ni. "Kai fa, dattijo? Kilomita sha shida ne daga wajenku."

"Sha shida? Da ina da shekarunka, Oga, kafin shayinka ya huce na je na dawo."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Bakina ne ya riga hankalina, kuma ba ranar ya fara ba.

Abin da ban faɗa wa Oga ba shi ne ba ni da ikon fita gida kafin ƙarfe shida. Matata, wadda kowa ke kira Malama saboda shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi, ta samu shanyewar ɓarin jiki bara. Hannun dama da ƙafar dama ba sa amsa mata, magana kuma tana fita da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya. Sau ɗaya na bar ta ita kaɗai na je sayo burodi, na dawo na tarar da ita a ƙasa tsakanin gado da kujera, goshi a fashe. Tun ranar muka yi doka ni da 'yarmu: ba a barin ta ko na minti ɗaya. 'Yar tamu nas ce, aikin kwana take yi, tana miƙa aiki biyar da rabi, motar farko ta sauke ta a bakin layinmu ƙarfe shida. Ta shigo, na fita. Maganin Malama da gashin ƙashinta duk a kan katin asibitin kamfani suke. In aikin ya tafi, katin ya bi shi.

Saboda haka awa ɗaya nake da ita, ba ƙari.

Na ce bari in gwada hanyar kafin ranar. Lahadi da yamma, 'yarmu tana gida, na leƙa wajen maƙwabcinmu Dogo, na tarar yana wanke kekensa, siriri mai giya da yawa, wanda za ka ɗaga da yatsa biyu. Ya ce in hau shi mana, ai yau ba ya zuwa ko'ina. Na hau ƙarfe huɗu. Wallahi kamar ana tura ni. Rigata tana kaɗawa ta gaba, ƙafata ko nauyin feda ba ta ji. Na isa ƙofar sabon kamfanin na duba agogo: minti arba'in da biyu. A dawowa na sha wuya, amma ban duba agogo ba, na ce gajiya ce, kuma ba wanda zai kore ni don na makara zuwa gidana.

Na shigo ina washe baki. "Arba'in da biyu, Malama. Har da canji."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Wane... keke?"

"Keke keke ne."

Ta rufe ido. Na san wannan rufe idon, ɗalibanta ma sun san shi.

Litinin 'yarmu ta shigo shida daidai, ido ja, takalmi a hannu. Na tura baƙin kekena na fita da ƙarfina kamar mai tsere. A cikin gari gidaje suna tare ni, ban gane komai ba sai dai na ji keken ya yi nauyi. Danja biyu ta tsayar da ni, sannan shingen layin dogo. Da na haye gada, wadda take kilomita tara daga gida, gidaje suka ƙare, titi ya miƙe cikin fili babu ko bishiya, sai iska ta same ni a ƙirji. Ba guguwa ba ce, ko hula ba za ta cire maka ba, amma ba ta tsagaitawa. Ina taka feda ina jin kamar yaro ya riƙe kariyar yana ja. Ƙarfin da na zubar a cikin gari ya ƙare, cinyoyina suka ɗauki wuta, numfashina ya koma irin na mai asma. Na ga bakwai ta buga a hannuna alhali hasumiyar ruwan kamfanin tana can nesa kamar ƙusa.

Na buga kati bakwai da minti sha huɗu. Oga yana tsaye gefen na'urar da takarda.

"Shayina ya huce, dattijo. Ɗaya ke nan."

Na wuce wajen injina. Ranar sau biyu na saita wuƙar injin ba daidai ba.

Da aka tashi na nufi gida ina cewa to, iskar da ta hana ni zuwa ai yanzu za ta kai ni. Ina fita ƙofa ta sake tare ni a fuska. Na yi zagi da ƙarfi a tsakiyar titi, ni kaɗai, da furfurata.

Na tsaya wajen mai gyaran keke da ke gindin gada. Tsoho ne mai ido ɗaya, yana zaune cikin tayoyi yana cin gyaɗa. Na ba shi labari, har da arba'in da biyun. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Da yamma ka gwada? Da keken wani? To ai ba hanyarka ka auna ba, ɗan'uwa, hanyar maƙwabcinka ka auna. Nan iska da safe daga fili take gangarowa zuwa ruwa, da yamma ta juyo daga ruwa zuwa fili. Ranar Lahadi ita ta kai ka. Kai kuwa ka yi gida a bakin ruwa, ka yi aiki a fili. Kullum da ita za ku yi gaba da gaba, zuwa da dawowa."

"Iskar ma ba wani ƙarfi gare ta ba."

"Haka ake cewa in ana tsaye. A ce kana gudun sha biyar, ita tana zuwa da sha biyar. Ƙirjinka talatin yake turewa. Kuma in iskar da kake turewa ta ninka, nauyinta ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. Ga ka zaune a miƙe kamar alƙali, ga riga buɗe tana kama iska, ga wannan akwatin. Me kake sawa ciki?"

"Abincin rana."

"Akwatin gawa don kwano ɗaya."

Ya kwance akwatin ya jefar gefe. Ya matsa tayar da babban yatsa, ta lotsa, ya girgiza kai ya buga mata iska har ta yi tauri. Ya wanke sarƙar ya sa mata mai, ya saki birkin baya da ke gogar taya ban sani ba, ya ɗaga sirdin har ƙafata ta kusa miƙewa in feda tana ƙasa. Ya ce in cusa riga cikin wando, in sunkuya in na fita fili, kada kuma in ƙone kaina a cikin gari.

"Minti nawa zan rage?"

"Bakwai, takwas in ta yi maka kirki."

"Sha huɗu nake nema."

Ya dube ni da idon nan ɗaya, daga ciki har gwiwa. "Sauran ba a jikin keken suke ba. Wata ɗaya, wata biyu kana hawa kullum, ƙafar za ta dawo kaɗan. A kwana biyu kuwa sai dai ta ƙara mutuwa."

Na biya wajen Dogo. Ya ce ya so ya taimaka, amma shi ma da keken yake zuwa aiki, matarsa kuma tun biyar take fita gidan burodi. Na gode masa na shige. Ban faɗa wa kowa a gida cewa na makara ba. 'Yarmu tana ɗaure jakarta za ta fita ta tambaye ni, na ce lafiya lau.

Talata motarta ta ɗan yi jinkiri, ta shigo shida da minti biyu. Minti biyun nan na yi su a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a kan feda, ina duba agogo. Keken ya yi sauƙi, ba zan yi wa mai gyaran nan ƙarya ba. Na bi a hankali cikin gari, na haye gada da minti talatin da huɗu. A fili na sunkuya har haɓata ta kusa taɓa ƙarfe, na ba shi duk abin da nake da shi. Talatin da biyu ya ci. Na buga kati bakwai da minti takwas, bakina yana ɗanɗanon jini.

Oga bai yi min ba'a ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ja ni gefe.

"Dattijo, na'urar ce ke rubutawa, kai tsaye take aikawa ofis. Ko na so in rufe ido ba ni da hanya. Biyu ke nan. Ka fito da wuri mana, me ya hana?"

Na ce zan duba. Ban iya buɗe baki in ce saboda matata ne ba, don na ga yadda ofis ke kallon mai larura a gida.

Da magariba, bayan 'yarmu ta fita, na ba Malama abinci, na goge mata baki, na zauna a ƙasa na jingina da gado ina matsa cinyata. Nawa abincin ban taɓa ba. Ina ta juya lissafin a kaina, ko na juya shi ta ina, amsa ɗaya ce.

Na ji ta buga ƙarfen gado da zobenta. Haka take kira na.

"Allo," ta ce.

Akwai ƙaramin farin allo da likitan gashi ya ce ta riƙa koyon rubutu da hagu a kai. Na miƙa mata, na cire murfin alƙalamin.

"Jiya. Nawa?"

"Ai na ce lafiya lau..."

Ta buga zoben sau ɗaya, da ƙarfi.

"Saba'in da huɗu."

"Yau."

"Sittin da shida."

Ta rubuta su, lambobin a karkace kamar na 'yan aji ɗaya. Ta tambayi tsayawa. Na ce danja biyu da layin dogo, kamar minti huɗu. Ta rubuta sittin, ta cire huɗu, ta nuna min hamsin da shida. Ta ɗauki lokaci tana raba kilomita sha shidan da mintocin, harshenta a gefen baki. Na ga ta rubuta sha bakwai da ɗoriya, a ƙarƙashinsa sha biyar da rabi. Na farkon shi ne gudun kilomita a awa da zan riƙe in ina son isa cikin awa ɗaya. Na biyun shi ne abin da na yi yau, da na kusa amayar da huhuna.

"Ɗaya da rabi ne kawai ya rage," na ce. "Gobe in na ƙara matsawa..."

"A'a."

"Malama, ni fa na san jikina."

"Da," ta ce. "Ka... sani... da."

Ya yi min zafi. Na so in tashi in bar mata ɗakin, sai na tuna ko wannan ba ni da ikon yi. Ta ci gaba da rubutu ba ta kula ni ba. Ta tambayi iskar yau da ta jiya, wacce ta fi. Na ce ta jiya. Ta tambayi ƙafata. Na ce ta yi tsami. Ta ɗora biyu a kan sittin da shida, ta ce ba a lissafi da rana mai kyau. Ta ƙara biyu na jingine keke da layin buga kati. Ta rubuta saba'in. Sannan a ƙasan allon, da manyan lambobi, ta rubuta ƙarfe biyar da minti hamsin, ta ja layi biyu.

Na fahimta, na ce ban fahimta ba.

"Ka fita," ta ce. "Goma. Ni... kaɗai."

"Ba zai yiwu ba. Kin manta goshinki? Yarinyar nan ma ai sai ta cinye ni ɗanye."

"Ba zan... tashi ba."

"In kika ƙware fa? In motarta ta yi latti kamar yau? In goman ta zama ashirin?"

Ta ɗaga kafaɗar da ke motsi. Ta nuna kwalaben magani a kan tebur da alƙalamin, ta nuna ni, ta sake nuna biyar da hamsin. Idonta ya kawo ruwa, amma na ga haushi ne ya fi yawa a ciki. Shekara guda muna ɗaga ta muna ajiyewa, muna magana a kanta tana ji, ba wanda ya tambaye ta ko sau ɗaya me za a yi.

Na kira 'yarmu a waya. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce Baba ka yi min ƙarya kwana biyu. Ta ce za ta roƙi abokiyar aikinta ta karɓe ta da wuri, sai ta tuna ko an karɓe ta motar ba ta tashi kafin lokacinta. Na kara wa uwarta wayar a kunne. Kalma uku Malama ta faɗa, ban ji su sosai ba. Da na karɓa 'yar ta ce, "To. Amma ka ɗaga ƙarfen gadon."

Laraba tun biyar na gama komai. Na kai ta bayi, na canza mata riga, na jingina ta da filo uku yadda ba za ta zame ba. Ban ba ta ko ruwa ba, kada ta ƙware. Na ɗaga ƙarfen gefen gado na girgiza shi sau uku. Na ɗaura wayarta da zare a hannun hagu. Na kashe gas, na dawo na sake duba shi. Ta sa na kwafi lambobi biyu a takarda na manna a kan keken: gada, shida da ashirin da biyar, ƙofa, shida da hamsin da takwas.

Biyar da hamsin ina tsaye a bakin ɗaki na kasa juyawa.

"Tafi," ta ce.

Na ja ƙofar ban kulle ba. Saukar matakalar ƙofar gidanmu ta fi min duk kilomitocin wuya.

Gari bai gama wayewa ba. Ina taka feda ina ƙirga mata mintoci maimakon nawa. Biyu. Yanzu filon ya zame. Biyar. Yanzu tana son miƙa hannu ta gyara shi. A danja ta farko na ajiye ƙafa, na juya kan keken rabi, wallahi saura kaɗan in koma. Fitila ta ba da hannu, mai mota ya danna min oda, na wuce. Shida ta buga ina bayan kasuwa. Na ce yanzu 'yarmu tana hawa matakala, in motar ta zo. Wayata tana aljihu, ba ta yi ƙara ba, na kasa sanin ko alheri ne. In na tsaya na kira, minti biyu sun tafi, kuma minti biyu ne duk abin da Malama ta bar min.

Shingen layin dogo ya sauka a gabana. Jirgin kaya ne, na ƙirga tarago talatin da ɗaya ina cizon leɓe. Na hau gada na duba takardar, na duba agogo: shida da ashirin da shida. Minti ɗaya a baya. Mai gyaran keke yana buɗe rumfarsa, ya ɗaga min hannu, ban iya amsawa ba.

Iskar fili ta fi ta jiya. Jikina ya so in miƙe tsaye a kan feda in yi hauka, na hana shi, don na ga abin da haukan ya yi min ranar Litinin. Na sunkuya, na manne gwiwar hannu a jiki, na riƙe taki ɗaya. Na daina kallon hasumiyar, na koma kallon farin layin gefen titi. Cinyata ta dama ta fara ɗaurewa. Ina addu'a, rabi don ƙafata, rabi don matar da na bari da ƙofa a buɗe, ina kuma jin haushin kaina da bakina da shekaruna gaba ɗaya.

Na shiga ƙofa na yar da keken a jikin katanga ko jingine shi ban yi ba. Mutum biyu ne a gabana a layin buga kati. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna shida da hamsin da tara. Oga ya duba, ya gyaɗa kai, ya wuce.

Ban bi shi ba. Na zauna a kan tulin kwali na ciro waya. Na kira 'yarmu, ta yi ta ringi har ta katse. Na sake kira, haka. Na miƙe tsaye. Na kira wayar da na ɗaura da zare.

Ringi ɗaya, biyu, biyar, bakwai. Sai aka ɗauka. Na ji numfashi, na ji ƙarar famfo can nesa a banɗaki, da muryar 'yarmu tana cewa Mama wa ke kira.

"Malama? Malama, lafiyarki? Ƙarfe nawa ta zo?"

Shiru, tana haɗa kalmar. Na riƙe wayar da hannu biyu.

"Ka... shiga?"

"Na shiga. Saura minti ɗaya."

Ta yi wani sauti da na daɗe ban ji ba, sai daga baya na gane dariya ce.

"Gobe," ta ce. "Sha... biyu." Minti sha biyu kafin shida take nufi, ba goma ba.

Aka kunna injina daga ciki. Na goge fuskata da bakin riga, na ce mata to.